Yadda ake shirya hoton aikin sola na takardar talla ba tare da ya ba ka kunya a gaban masu aikin ba

Wata rana wani kamfanin sola ya kawo mini aikin fulaya, aka ce ana so cikin kwana biyu. Na samo hoton gida mai kyau, na jera masa fanel a kan rufi da kwamfuta, sannan don mai kallo ya gane cewa wuta ce ke gudana, na zana jar waya da baƙa suna fitowa daga fuskar fanel, suka gangaro ta gaban bango suka shige taga. Aka buga, aka raba. Bayan mako guda mai kamfanin ya kira ni rai a ɓace. Wani Alhaji ya kai fulayar ga mai yi masa wayarin don ya ba shi shawara, mutumin ya duba ya ce, "Ranka ya daɗe, ko dai waɗannan ba su taɓa hawa rufi ba, ko kuma haka suke aikinsu. Duk wanda ya zama gaskiya a ciki, ni ba zan ce ka ba su kuɗinka ba." Cinikin ya wuce, laifin kuwa nawa ne.

Abin da na koya shi ne, mai sayen sola ba ya yanke shawara shi kaɗai. Kuɗin da yawa, don haka sai ya nuna takardar ga wanda ya san wuta: ƙanensa injiniya, mai gyaran janaretonsa, ko maƙwabcin da ya riga ya saka. Wannan mutumin ne ainihin mai karanta hotonka, kuma idonsa yana zuwa kai tsaye wurare biyu: yadda aka kafa fanel a kan rufi, da inda wayoyi suka bi. Ga yadda nake yin aikin yanzu, da misalin fulaya ɗaya ta wani gida a Kano.

Fara da takarda da biro, ba da kyamara ba

Kafin ka taɓa kyamara ko kwamfuta, zauna da injiniyan kamfanin, ba mai tallan kamfanin ba, ya gaya maka tsarin da fulayar za ta tallata. A misalinmu tsarin shi ne fanel shida masu wat 550, inbata mai 5kVA, da batirin lithiyam guda ɗaya mai bolt 48. Rubuta wannan a saman takarda. Duk abin da zai fito a hoton dole ya yi daidai da wannan layin. Idan rubutun fulaya ya ce fanel shida, to mai kallo zai ƙirga, kuma wallahi suna ƙirgawa. Kada ya ga goma sha biyu a hoto sannan a kawo masa shida a mota.

Daga nan ka san girman abin da kake nunawa. Fanel mai wat 550 tsawonsa kusan mita 2.28 ne, faɗinsa kusan mita 1.13, nauyinsa kilo 27 ko 28. Wato ya fi dogon mutum tsawo, ya fi ƙofar ɗaki faɗi, kuma tsawonsa ninki biyu ne na faɗinsa. Guda shida a jere, kowanne a tsaye, za su ci kusan mita bakwai na faɗin rufi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka kuskuren da ya fi yawa a takardun talla: ma'aikaci ɗaya riƙe da fanel a hammata kamar allon karatu, yana hawa tsani yana murmushi. Mutum biyu ke ɗaukarsa, wani lokaci da igiya ake jan sa sama.

Fuskar fanel ma tana da lissafinta. Irin wannan yana da ƙananan gidaje 144, shida a faɗi, ashirin da huɗu a tsawo, da ɗan layi a tsakiya da ya raba shi gida biyu. Idan zane kake yi, ƙirga su. Idan fanel na farko yana da layi shida na kusa da shi yana da takwas, duk wanda ya saba da su zai ji wani abu bai zauna ba tun kafin ya gano mene ne.

Nemi aikin gaske

Shawarata ita ce ka roƙi kamfanin ya kai ka gidan da suka yi wa aiki, ko ka bi su ranar da za su kafa sabo. Hoton da aka ɗauko daga rumbun hotuna na intanet kusan kullum na Turai ne ko Amurka: rufin tayil ja, bututun hayaƙi na murhu, ciyawa shar, fanel a miƙe kamar zai faɗo. Mutumin Hotoro ko Sabon Gari bai ga gidansa a ciki ba, balle ya yarda cewa kamfanin ne ya yi aikin. Ban da haka, saka aikin wani a takardarka kamar naka ne rashin gaskiya ne, ko da ba wanda ya kama ka.

Nemi izinin maigida a fili, ka gaya masa hoton zai shiga hannun jama'a. Kauce wa lambar gida, lambar mota, da duk kusurwar da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabta. Wanda ya hau rufi a unguwannin cikin gari ya san cewa sai an yi sallama an sanar da maƙwabta, domin daga sama kana ganin cikin gidajen mutane, mata suna harkokinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, a yi shi tun kafin a jingina tsani.

Inda fanel ke kallo, da yawan karkatarsa

Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Sakkwato, Maraɗi da Damagaram suna tsakanin 13 da 14, Kaduna kuma wajen 10 da rabi. Saboda haka a ƙasarmu fanel yana fuskantar kudu, a ɗan karkace kaɗan, digiri 10 zuwa 15. Ba a shimfiɗe shi sarai, domin ruwan sama ba zai wanke ƙura ba, zai kwanta a bakin firam ya bushe ya bar laka. Ba a kuma miƙar da shi digiri 35 ko 40 irin na hotunan Turai, inda rana ke tafiya ƙasa-ƙasa.

Ga hanya mai sauƙi ta gane wannan da ido a gidan da ke da rufin dakin, wato shimfiɗaɗɗen rufin kankare, inda ake kafa fanel a kan ƙafafun ƙarfe. Fanel mai tsawon mita 2.28 idan aka karkata shi digiri 12, bayansa zai fi gabansa tashi da kusan rabin mita, wato tsayin gwiwar mutum. Idan a hotonka bambancin ya kai ƙirjin ma'aikacin da ke tsaye kusa, to karkatar Turai ce ka ɗauko. A rufin kwano kuwa galibi fanel yana bin gangaren rufin ne yadda yake, sai dai a zaɓi ɓangaren da ya fi kallon kudu. Shi ya sa idan ka ga an zuba fanel a dukkan fuskoki huɗu na rufi don kawai hoto ya cika, mai sana'ar zai girgiza kai.

Sai maganar inuwa, wadda ta fi komai tona asirin hoton haɗi. Dubi tankin ruwa, dish, bishiyar darbejiya, katangar bene na kusa. Kada inuwar ɗayansu ta kwanta a kan fanel. Fanel shidan nan a jere aka haɗa su kamar sarƙa, don haka inuwa a kan guda tana rage ƙarfin da ake samu fiye da yadda girmanta ke nunawa. Na sha ganin mai zane ya bar inuwar reshe a kan fanel saboda ta ƙara wa hoton kyau. Ga injiniya, wannan tallar mugun aiki ce. Kuma duk inuwoyin da ke cikin hoton, ta mutum, ta tanki, ta ƙafar ƙarfe, su faɗi gefe ɗaya.

Abin da ke riƙe da fanel

Nan ne zan daɗe, domin nan ne hoton ƙarya ke mutuwa. Fanel ba ya manne da kwano kamar sitika. Akwai abubuwa uku tsakaninsa da rufin, kuma ya kamata aƙalla hoto ɗaya a fulayar ya nuna su.

Na farko ƙafa ce, ɗan ƙarfe mai siffar harafin L. Ana ɗaure ta da dogon sukuru wanda ya ratsa kwano ya shiga katakon da ke ƙasa, irin tubaitiri da kafinta ya jera. Sukurun yana shiga ne ta kan tudun kwano, ba ta cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma yana da washar roba da ke hana yoyo. Idan kana son sanin inda katakon yake a hoto, dubi layin kusoshin rufin: inda kusoshi suka jeru, nan katako yake a ƙasa. Ƙafar da aka zana a tsakiyar kwano, nesa da layin kusa, a kan iska take tsaye. Guguwar farkon damina da muke yi a Mayu da Yuni, wadda ke yaye rufin makarantu, ba za ta bar ta ba. Ƙafafun suna jere ne kusan kowace mita ɗaya ko ɗan sama da haka.

Na biyu reli ne, dogon ƙarfen alminiyam da ke kwance a kan ƙafafun. Kowane layin fanel yana da reli biyu. Idan fanel a tsaye suke, relin yana ratsa su ne ta faɗi, ɗaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga sama, ɗayan wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa. Bakin relin yana ɗan leƙowa a ƙarshen layi, 'yan santimita kaɗan. Wannan ɗan leƙowar masu gyaran hoto suna yawan goge ta don su ga kamar datti ce, alhali ita ce shaidar cewa aikin na gaske ne.

Na uku shi ne ɗan ƙarfen da ke danne bakin firam a kan reli, wanda masu aikin ke ce wa kilam. Akwai na tsakiya, da ke zama tsakanin fanel biyu ya riƙe su tare, shi ne ke barin ratar nan ta kusan santimita biyu. Akwai kuma na ƙarshe a bakin layi. A misalinmu na fanel shida a layi ɗaya, rata biyar ce, kowace tana da kilam biyu, ke nan goma na tsakiya, sai huɗu na ƙarshe. Dukkansu suna jere a kan layi biyu madaidaita, domin a kan reli suke. Idan ka ƙirga a hotonka ka samu sha huɗu a layi biyu, ka tsira.

Tsakanin bayan fanel da kwano akwai rata wajen santimita goma ko fiye, don iska ta ratsa. Zafi yana rage wa fanel ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa kwano da azahar a watan Afrilu ya san irin zafin da ake magana. A hoto, wannan ratar tana fitowa a matsayin siririyar inuwa mai duhu a ƙarƙashin bakin fanel. Hoton haɗi da ba shi da wannan inuwar, fanel ɗin kamar suna shawagi ne. Sannan a bar fili tsakanin fanel da bakin rufi da kuma ƙoƙuwarsa. Fanel da ya zarce bakin kwano ya leƙa waje, iska ce za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga.

Na san a gidaje da yawa ba reli ake sakawa ba, mai walda ne ke haɗa firam da ƙarfe mai kusurwa. Idan haka kamfanin ke aiki, a nuna haka, muddin an yi masa fenti kuma an ɗaure shi da bolti. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a nuna reli mai ƙyalli a takarda, ranar aiki kuma a zo da baƙin ƙarfe da injin walda. Haka nan a rufin dakin, ƙafafun su nuna abin da ya riƙe su, ko bolti a cikin kankare ko tubalin siminti mai nauyi da aka ɗaure su a kai.

Wayoyi: mafi yawansu ba a ganin su

Gaskiyar da ta fi ba masu zane wahala ita ce, aikin sola mai kyau idan ka kalle shi daga sama ba ka ganin waya ko ɗaya a kan fanel. Wayoyin suna fitowa ne daga ƙananan baƙaƙen akwatuna da ke manne a bayansa. Kowane fanel yana da waya biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa, kowace da filoginta a baki, wanda ake kira MC4. A tsarinmu, ta tarawa ta fanel na farko tana shiga ta ɗebewa ta na biyu, haka har na shida. Duk wannan a ƙarƙashi yake faruwa, kuma ana ɗaure wayoyin a jikin reli ko firam don kada su kwanta a kan kwano mai zafi ko su riƙa gogar bakinsa idan iska ta kaɗa.

Abin da ke fita daga jerin gaba ɗaya waya biyu ne kacal, sai ta uku mai launin kore da rawaya, wato wayar ƙasa, wadda aka ɗaure a jikin reli da firam, ta sauka har zuwa sandar ƙarfe da aka binne. Ba waya goma sha biyu ba, ba kuma kowane fanel da tasa hanyar zuwa ɗaki ba. Waɗannan suna shiga cikin fayif, fayif ɗin ya bi gefen rufi, ya sauka a miƙe a jikin bango da maƙalai a jere, ya shiga gida ta ramin da aka huda aka toshe. Ba ta taga ba, ba ta ƙarƙashin ƙofa ba.

To idan mai kamfani ya ce yana so mutane su ga yadda wutar ke tafiya fa? Kada ka zana waya a kan hoton gaske. Ware masa ƙaramin zane daban a bayan fulaya, mai akwatuna da kibiyoyi, wanda kowa zai gane cewa bayani ne: fanel, akwatin kariya, inbata, batir, allon rarraba wutar gida. Idan kuma ana son hoton waya na kusa, kwanta a gefen jerin ka ɗauki ƙarƙashin fanel, inda filogi biyu suka haɗu aka ɗaure su tsaf. Wannan hoton ɗaya ya fi dogon rubutu gamsar da wanda ya san aikin.

A nan dole in ja kunne. Kowane fanel irin wannan yana ba da kusan bolt 50 idan rana na dukansa, shida a jere sun kai wajen bolt 300. Babu makunnin da ke kashe rana. Kada ka ce wa ma'aikaci ya zare filogi ya mayar don ka samu hoton hannu yana aiki, domin zare shi alhali wuta na gudana yana iya haifar da tartsatsi mai ƙona. Idan kana son irin wannan hoton, a yi shi da fanel da ke ƙasa wanda ba a haɗa da komai ba, ko da guntun waya mai filogi.

Bangon inbata

Hoto na biyu mafi muhimmanci shi ne na cikin gida. Inbata tana rataye a bango, a miƙe, a inuwa, da fili a sama da gefenta don iska. Wayoyinta galibi ta ƙasa suke shiga, inda aka rubuta `PV`, `BAT`, `AC IN` da `AC OUT`. Waya da ke fitowa daga saman inbata ko daga fuskar allonta alama ce ta zanen wanda bai taɓa ganin ta ba. Kusa da ita akwai ƙaramin akwati mai bireka ta ɓangaren fanel da na'urar kariya daga tsawa, akwai kuma bireka ko fis tsakaninta da batir, da canjoba idan gidan na amfani da wutar Nepa ko janareto.

Kaurin wayoyi ba ɗaya ba ne, kuma dalilin mai sauƙi ne. Wayar fanel tana ɗaukar kusan amfiya 13, don haka siririya ce, mai lamba 4 ko 6. Ta batir kuwa, idan inbata tana jan wat 5,000 daga bolt 48, abin ya haura amfiya 100. Shi ya sa take da kauri kamar yatsa, mai lamba 25 ko 35, kuma gajera, batirin yana nan dab da inbata. Hoton da ya nuna batir a wancan ƙarshen ɗaki an haɗa shi da siririyar waya irin ta fanka, hoton gobara ne.

Ƙirga batura ma. Tsarin bolt 48 ko dai lithiyam ɗaya ne mai bolt 48, ko batura huɗu masu bolt 12 a jere. Uku ba ya yi. Idan masu ruwa ne, a ga suna kan maɗori a wurin da iska ke shiga, ba a ɗakin kwana kusa da gado ba. Haka kayan da za ka nuna gidan yana amfani da su: na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana cin sama da wat 1,000 ita kaɗai, don haka kada ka jera uku a hoton tsarin da ba zai ɗauke su ba.

Mutanen da ke cikin hoton

Ma'aikatan kamfanin na gaske su tsaya, da rigar aikinsu, hular kwano, takalmi mai rufi, da igiyar tsaro idan rufin mai gangare ne. Igiyar kuma a ga inda aka ɗaure ta, kada ta ƙare a iska. Kada kowa ya taka fanel, ko ya durƙusa a kai, ko ya ɗora akwatin kayan aiki. Gilashin ba lallai ya fashe ba, amma gidajen ciki suna tsagewa yadda ido ba ya gani, ƙarfin fanel ya ragu. Abin da ke hannun ma'aikaci ya dace da aikin: makullin alan ko injin ɗaure sukuru a kan kilam, mita a bakin waya. Guduma a kan fanel ba ta da abin yi.

Kai ma mai ɗaukar hoto, taka kan layin kusoshi kawai, inda katako yake. Tsakiyar kwano tana lotsawa, ka bar wa maigida yoyo.

Ranar ɗauka

Je da safe, tsakanin ƙarfe takwas da goma. Hasken yana zuwa ta gefe, yana fito da reli da kilam da inuwar ƙarƙashi, kwanon ma bai yi zafi ba. Da tsakar rana komai fari fat yake fitowa, gilashin yana mayar maka da hasken sama. A wanke fanel da sassafe kafin su ɗauki zafi, a bar su su bushe. Idan kana da zaɓin lokaci, ƙarshen damina ya fi, sama garau, bishiyoyi kore. A lokacin hunturu hazo yana mayar da sama fara, fanel ya yi ƙura cikin kwana biyu.

Hoto huɗu nake nema, ba na barin wurin sai na same su. Na nesa, wanda ya nuna gidan da jerin fanel gaba ɗaya yadda za a iya ƙirga su, shi ne na fuskar fulaya, kuma ina barin sarari a samansa don rubutu. Na gefe, kyamara a daidai bakin kwano, inda ƙafa da reli da rata suka fito. Na ƙarƙashi mai filogi. Sai na bangon inbata, a tsaye daidai gabanta don layukan fayif su miƙe. Idan ka ga hotonka ko na sama yana haskawa a gilashin, matsa gefe kaɗan ko ka sauya tsayin kyamara, kada ka bari sai a kwamfuta.

A kan kwamfuta

Gyara haske da launi, goge ledar da iska ta kawo, shi ke nan. Abubuwa uku ne ke lalata hoton gaske a wannan matakin. Na farko juya hoto hagu zuwa dama don rubutu ya samu wuri: sunan inbata da rubutun rigar ma'aikaci za su koma baibai. Na biyu jan hoto ta gefe ɗaya don ya cika shafi: fanel mai tsawo ninki biyu na faɗinsa sai ya koma kusan murabba'i. Yanke hoton, kada ka ja shi. Na uku kwafe fanel a liƙa don a ƙara yawansu: tabo ɗaya da haske ɗaya za su maimaitu, kilam kuma su kauce daga layi.

Fulayar misalinmu A5 ce, milimita 148 da 210. Da ƙarin milimita 3 a kowane gefe don yanka, ta zama 154 da 216. A 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci na bugu, hoton da zai cika shafin yana buƙatar kusan fiksel 1,820 da 2,550. Idan injiniya zai turo maka hoto ta WhatsApp, ya turo shi ta `Document`, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, siraran layukan fanel su dagule a bugu. Mayar da aikin zuwa `CMYK`, wato tsarin launin da injin bugu ke amfani da shi, kafin ka kai maɗaba'a, ka duba fanel ɗin da kyau, domin shuɗi mai duhu yakan koma baƙi ƙirin a takarda, gidajen su ɓace. Ɗan buɗe hasken wurin kafin bugu.

Kafin a buga dubu

Buga guda ɗaya a ainihin girmanta, ka kai wa wanda ke hawa rufin, ba maigidansa ba. Kada ka tambaye shi ko ta yi kyau, zai ce ta yi don kunya. Ni abin da nake cewa shi ne, "Malam, da wani kamfani ne ya yi wannan aikin, me za ka kushe?" Nan take bakinsa zai buɗe.

A fulayar fanel shidan nan, wanda na kai wa ya riƙe ta kusa da ido, ya bi layin kilam da farce yana ƙirgawa a hankali, ya samu sha huɗu. Ya juya baya, ya tsaya a hoton bangon inbata, ya ce, "Oga, ina wayar ƙasa?" Na duba, ashe ni ne na goge ta, na ɗauka wata igiya ce ta rataya a gefen fayif. Na koma na ɗauko hoton asali na mayar da ita, muka sake buga gwaji, ya duba ya sa hannu a bayanta, sannan na kai maɗaba'a.